Katin Saukar Gwaggo

Na daɗe ina riƙe da shagon kwamfuta a kusa da tashar Birnin Gwari, kuma ba zan yi ƙarya don a ce ina da tawali'u ba: na iya aikina. Na sha gyara hoton fasfo na mutumin da ya rufe ido, na sha ɗauko hoton mamaci da ruwa ya ci rabinsa in mayar da shi yadda 'ya'yansa za su rataye a ɗaki. Shi ya sa ranar da Malama ta shigo shagon da sassafe, wayarta a hannu, fuskar nan kamar an aiko mata da rasuwa, ban tashi daga kujerata da sauri ba. Na san ko mene ne, in dai a cikin waya yake, mai sauƙi ne.

Malama ita ce shugabar Islamiyyar matan aure ta unguwarmu. A cikin ɗalibanta da za su yi saukar Alƙur'ani a makon akwai Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta fara riƙe littafi bayan ta yi jikoki. Shekara da shekaru tana tafiya makarantar nan da tabarau ɗaure da zare, ana tsokanarta tana ramawa. Tun da aka sa ranar sauka abu ɗaya ta roƙa, ba atamfa ba, ba rago ba. Ta ce a tabbata ƙaninta, Baffana da ke noma a wajen Kuyello, ya zo ya ji karatunta da kunnensa. Su biyu suka rage a ɗakinsu.

Malama ta miƙo wayar ta ce, "Malam, duba ranar nan."

Kati ne mai kyau, kore, da hoton ɗaliban a tsakiya cikin fararen hijabai, sunayensu a jere a ƙasa. An rubuta da manyan fararen haruffa: LAHADI, 21 GA SAFAR, sai kwanan watan boko, 17, a gefe. Na ce ban ga laifinsa ba.

Ta ce, "Asabar ce. Ashirin da ɗaya ga Safar Asabar ce."

Nan na gane inda aka kwana. Kwamitin makaranta dattawa ne, da watan Musulunci suke sa rana, kuma lissafinsu na ganin wata ne kamar yadda aka sanar a rediyo. Da suka ba wanda ya tsara katin a Kaduna, kwanan watan kawai suka ba shi. Shi kuma ya buɗe kalandar wayarsa ya duba, ita kuwa a wannan watan tana bayan lissafinmu da kwana ɗaya. Sai ya rubuta Lahadi da hannunsa, ya ƙara kwanan boko don ya kyautata. Mako guda katin yana yawo a wayoyin mutane babu wanda ya lura, sai da mai hayar rumfa ya tambayi Malama dalilin da aka ce ya kafa ranar Juma'a alhali taro sai Lahadi.

Na ce a mayar da taron Lahadin mana, a huta. Ta ce ba zai yiwu ba. Malamin da zai saurari karatun baƙo ne, ranar Lahadi zai bi ayarin motoci ya koma, kuma filin ma an ba masu ɗaurin aure.

"To a kira mai katin ya canza. Aikin minti biyu ne a wurinsa."

"Na kira. Wayarsa ta lalace, an yi mata filashin. Ya ce komai ya tafi, har hotunan."

Ga wanda bai taɓa wannan aikin ba, bari in faɗi abin da hakan ke nufi. Mai tsara kati yana aiki ne hawa-hawa. Launin baya hawansa daban, hoto daban, kowane layin rubutu daban, mu muna ce musu leya. In asalin fayil ɗin yana nan, sai ka taɓa rubutun ka goge ka sake, bayansa bai san an yi ba. Amma da zarar an fitar da shi a matsayin hoto don a tura wa jama'a, duk hawan nan sun manne sun zama ɗaya, kamar fura da nono bayan an dama. Kalmar LAHADI ta daina zama rubutu. Fararen ɗigo ne kawai a cikin korayen ɗigo, kuma babu komai a ƙarƙashinta. In ka kankare ta, rami za ka bari.

Da na so, da na tsara sabon kati daga farko. Amma hoton ɗaliban babu shi a ko'ina sai a jikin wannan, kuma tara matan aure talatin da wani abu a sake ɗaukarsu a tsakiyar damina, kowa na fama da gona, ba aikin kwana biyu ba ne. Gaskiyar magana kuma, har da son a san na iya. Na ce mata ta zauna.

Abu na farko, na ƙi karɓar wanda ta nuna mini. Hoton fuskar waya ne wani ya ɗauka ya turo mata, har da alamar batir a samansa, haruffan duk sun yi laushi. Na sa ta yi ta ja baya a cikin saƙonninta har muka kai ga wanda mai katin ya fara turowa. Shi ma an matse shi a hanya, amma ya fi girma da tsabta. Na jona wayar da kwamfuta da igiyar caja na kwashe shi kai tsaye, don kada a ƙara matse shi. Na ajiye guda ban taɓa ba, na buɗe kwafinsa, na ɗora sabon hawa a kai, a nan zan yi duk ɓarnata.

Da na zuƙo wurin ranar sosai sai na ga aikin ya fi yadda na ɗauka. Koren bayan ba launi ɗaya ba ne. Yana farawa da haske daga sama yana duhu zuwa ƙasa, ga wani siririn zane mai kama da saƙar taga yana ratsawa ta bayan haruffan. Wanda bai iya ba zai zana akwati kore ya rufe kalmar, ya rubuta sabuwa a kai, kowa ya gani ya san an yi faci. Ni kuwa na ɗauki abin da ke kwafo wani sashe na hoto ya shafa a wani. Ina ɗebo kore daga gefen kalmar, daidai tsayinta don hasken ya zo ɗaya, ina shafawa a kan harafi, ina lura layukan zanen su haɗu baki da baki. Harafi ɗaya bayan ɗaya LAHADI ta nutse. Sau uku zanen yana karkacewa ina komawa baya. Da na gama, wurin ya koma kamar ba a taɓa rubuta komai a kai ba.

Saura rubutun. Na bi samfurin haruffan da ke cikin kwamfutata kaf, babu irin nasa. Akwai masu kama, amma ƙafar R ɗinsu daban take, kuma ni idona ba ya yafe irin wannan. Sai na yanke shawarar katin ya ba ni haruffan da kansa. A cikin SAFAR da ke layin na sami S da A da R, girmansu daidai. B na ɗauko daga layin ƙasa inda aka rubuta sunan gari, na yanke ta tsaf don kada ta zo da duhun koren wurinta. Na jera su. ASABAR ta fi LAHADI faɗi, saboda I siririya ce, sai da na ɗan matsar da waƙafin da sauran layin don tazarar ta yi daidai kuma layin ya zauna a tsakiya.

Kwanan boko ne ya so ya ba ni kunya. Ina bukatar 6 in maye gurbin 7, kuma babu ita a katin sai a lambar waya can ƙasa, 'yar mitsitsiya, in na ƙara mata girma za ta dushe. Sai idona ya faɗa kan ƙarfe 9 na safe. A wannan samfurin, tara in ka juya ta ƙasa ta koma sama, shida ce sak. Na juya ta. Malama ta ce ya yi. Na ce bai yi ba, domin kowane harafi a katin yana da 'yar inuwa a ƙasansa ta dama, ita kuwa shidar tawa inuwarta ta koma sama ta hagu. Na yanke inuwar, na yi mata sabuwa da launin da na ɗebo daga inuwar maƙwabciyarta, na ɗan dusar da gefen duk abin da na taɓa don kada ya fi sauran kaifi.

Kafin azahar na juya mata fuskar kwamfutar, tsoho da sabo gefe da gefe. Na ce, "Malama, nuna mini inda na taɓa."

Ta duba ta sake dubawa. Ta ce, "In ba don na san ranar ba, da na rantse guda ne."

Wannan maganar ta yi mini daɗi har cikin raina. Na ajiye fayil mai hawa-hawa a kwamfutata, na fitar da hoton, muka tura wa kowa. Ni da kaina na tura wa direban da ke zirga-zirga tsakanin Kuyello da gari, domin shi ne wayar Baffa. Ƙaramar wayar Baffa ta fi zama a kashe a cikin aljihun rigar da ke rataye, kuma a wajensu sai an hau tudu ake samun sabis. Direban maƙwabcinsa ne, Kirista ne ɗan Gbagyi, gonakinsu iyaka ɗaya, shi ke karanta masa duk saƙon da ya zo. Da yamma na ga alamar saƙon ya isa, an kuma buɗe. Na je na ce wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, na gama da wannan.

Ta ce, "Ka yi magana da shi?"

Na ce, "Gwaggo, saƙo ya shiga. Na gani da idona."

Ta dube ni ta saman tabarau. Na ji haushin kallon nan. Mutum ya yi aikin da ko a Kaduna sai an nema, a zo ana tambayarsa ko ya yi magana.

Ranar Alhamis da hantsi direban ya shigo gari da lodin buhuna, ya biyo ta shagona ya yi kwafin takardun mota. Muna gaisawa, na tambayi Baffa da ruwa da hanya. Ya ce hanya sai godiya, kwana biyu shiru, 'yan sa-kai suna fita da wuri su duba kafin motoci su taso. Yana karɓar takardunsa ya ce, "To Oga, sai Lahadin. Na gaya wa Baffanka ko coci ba zan je ba, da shi zan fara."

Na ce, "Wace Lahadi?"

"Ta saukar Mama."

"Ban turo maka sabon kati ba?"

"Ka turo. Ai irin na farkon ne. Na ce ko mantuwa ka yi ka sake turowa." Ya ciro wayar yana dubawa. "Har na goge ɗaya, waya ta cika."

Na karɓi wayar. Wanda ya bari LAHADI ne a jiki, fara tas.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji a kan aikina ba, kuma tsoro ya biyo bayanta. Mutumin nan ba sakarai ba ne. Ya buɗe, ya ga koren da ya sani, da fararen hijaban da ya sani, ya rufe. Me zai sa ya sake karanta abin da ya riga ya karanta? Na ɓata rabin yini ina ɓoye duk wata alamar da za ta nuna an taɓa katin, alhali abin da mutanen da suka riga suka ga na farko suke bukata ke nan, su ga an taɓa. Ko kalma ɗaya ban rubuta a ƙarƙashin hoton ba da na tura, don na ɗauka aikin zai yi magana da kansa. Da direban bai bukaci kwafin takarda ba, da Baffa ya ratso dajin nan ranar Lahadi ya tarar ana kwance rumfa.

Na ce masa kada ya motsa. Na buɗe fayil ɗin da na ajiye, wannan karon aikin bai kai minti biyar ba. Na shimfiɗa jan ƙyalle mai faɗi a saman katin, ya ci har gefen hoton, na rubuta a kai da rawaya, da haruffan da suka fi kowane muni a kwamfutata: GYARA, ASABAR CE BA LAHADI BA. Na zagaye sabuwar ranar da jan da'ira kamar malamin firamare yana maki. Duk kyan katin ya tafi. Ko a ɗan ƙaramin hoton da ke fitowa kafin a buɗe saƙo, jan nan sai ya tsone maka ido.

Na tura wa Malama na ce ta sake watsawa, kowa ya goge na da. Na goge tsohon daga wayar direban da hannuna na sa masa wannan. Na kuma buga guda goma a takarda. Hoton ƙarami ne, a takarda fuskokin sun ɗan dushe, amma jan ya fito. Na ce ɗaya a hannun Baffa, sauran a masallaci da wurin mai shayi da duk inda ya ga dama.

Ya ce, "Asabar ma ta fi mini. Sai dai in motoci ba su taru ba, ka san ba na shiga dajin ni kaɗai."

Na ce na sani, kuma ba zan roƙe shi ya shiga ba.

Daga nan na wuce gidan Gwaggo na faɗa mata komai, ban rage ba. Na zaci za ta yi faɗa. Tana tsince wake a faranti, ta ce, "Ai ka iya, ɗan nan. Iyawar ce ta yi yawa." Ta ci gaba da tsintarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a aka yini ana ruwa. Na kira direban ya fi sau goma, ba ta shiga. Asabar ta waye garau, aka cika fili, mata a ƙarƙashin rumfa, maza a kan benci ta gefen bishiyar maina. Ƙarfe tara ta yi, goma ta yi. Ana kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowace ta karanta abin da malamin ya buɗe mata, a miƙa mata shahada. Ni ina tsaye a bakin hanya, rabin hankalina a lasifika, rabi a kan duk motar da ta ɓullo. Gwaggo ce ta bakwai a jeri. Na aika wa Malama cewa ta taimaka ta mayar da ita ƙarshe, ta kuwa yi ba tare da ta tambayi dalili ba.

Saura mata uku sai ga babur ya tsaya. Baffa ne a baya, direban ke tuƙawa. Wandunansu jajir da laka har gwiwa. Motar ta kafe a wani rafi tun da safe, suka bar ta wurin mutanen ƙauyen, suka ari babur suka biyo wasu masu zuwa gari. Baffa ya sauko da ƙyar, yana riƙe da ƙugu. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya ce, "An kira ta?"

Na ce, "Saura kaɗan, Baffa."

Na sama masa wuri a bencin gaba. Da aka kira Gwaggo ta taso a hankali, ta gyara tabarau, ta waiga ɓangaren maza sau ɗaya. Ta gan shi. Ba ta yi murmushi ba, ba ta ɗaga hannu ba, ta zauna ta buɗe inda aka ce. Muryarta ta yi rawa a ayar farko, daga nan ta miƙe. Ta karanta shafi guda cur malamin bai tsayar da ita ko sau ɗaya ba. Ina gefen Baffa, na ga leɓensa yana bin ta a farko, can sai ya daina, ya sunkuyar da kai.

Da mata suka ɗauki guɗa na juya in yi masa barka, sai na ga yana share ido da hannun riga. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifina. Na ce ko gajiyar hanya ce.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ni aka kai makarantar allo, ita aka bari a gida tana daka abincin da za a kai mini. Izu goma na yi na gudu. Ita ta rufa mini asiri wurin Babanmu, har ta sha duka a kai." Ya ja numfashi. "Inda ta karanta yanzu, ni ban taɓa kaiwa nan ba."

Gwaggo ta ratso mutane da shahadarta a hannu, ta tsaya a gabansa. Ya yunƙura zai tashi, ƙugun ya hana, sai ya zame daga bencin ya durƙusa, da lakarsa da furfurarsa, ya gaishe ta kamar yadda ake gaida malami. Ta ce ya tashi, mutane na kallo. Bai tashi ba sai da ta sa masa albarka.